Fatake ne suka kawo Musulunci ƙasar Hausa ko malamai?

Tambaya: Malam barka da war haka. Jiya da dare muka yi gardama a teburin mai shayi nan Unguwar Rogo, wani abokina yace wai sai da Shehu Ɗanfodiyo yayi jihadi sannan Musulunci ya shigo ƙasar Hausa, ni kuma nace mishi a makaranta ance mana fatake ne suka kawo shi. Sai yace to ta yaya mai saida gishiri da goro zai musuluntar da sarki? Gaskiya na rasa amsa. Dan Allah a warware mana.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, barkanmu dai. Maganar jihadi bata da wuyar warwarewa, Shehu Usmanu ya fara jihadi a 1804, su kuma sarakunan Kano da Katsina sun fi shekara ɗari uku suna sallar Idi kafin nan, shi kanshi Shehu a cikin tsangayoyin ƙasar Hausa yayi karatu, a hannun malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru, abinda ya tashi yi gyara ne na addinin da ya tarar an gauraya shi da al'ada. Kuma tun wajen 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta fatawa akan waye ya halatta a bautar waye bai halatta ba, a ciki ya lissafa Barno da Kano da Katsina da Gobir da Mali da Songai a matsayin ƙasashen Musulmi, yace mutanensu sun musulunta ne ba tare da wani ya ci su da yaƙi ba. Wannan shaida ce ta malamin da ya rayu kusan shekara ɗari biyu kafin jihadi.

Amma tambayarshi ta biyu tana da nauyi, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare. Falke shi kaɗai baya musuluntar da sarki. Falke hanya yake buɗewa ya kafa zango, malami ne yake biyo hanyar ya zauna, sarki kuma sai ya ga yana da buƙatar malamin sannan yake jawo shi fada, kuma tsakanin matakin farko da na ƙarshe a kan ɗauki jikoki da tattaɓa kunne. Ni da na daɗe ina koyar da wannan darasi a nan Jos na lura inda ɗalibai suke ruɗewa kenan, suna ɗauka abu ne na rana ɗaya, ayari ya iso da yamma da safe gari ya musulunta.

Ka fara da tunanin ayarin kanshi. Ayari gari ne guda mai tafiya, akwai madugu wanda shine shugaba, akwai jagaba mai wucewa gaba yana duba hanya, akwai uban dawaki, ga jakuna da takarkarai ɗauke da kaya, ga mata masu dafa abinci, kuma da wuya ka samu babban ayari babu malaminsa. Shi malamin ayari shine liman a hanya, shine yake duba ranar da za a tashi, shine yake addu'a in za a shiga dajin da ake tsoron 'yan fashi, sannan kuma, wannan shine abinda mutane ke mantawa, shine mai rubutu. Wane ya karɓi bashin kaya kaza daga wane, wane ya rasu a hanya ga abinda ya bari ga magadansa a gari kaza, duk a hannunsa yake. Fatauci mai nisa bashi ne da amana, zaka ba mutum kaya yayi wata shida ko shekara baka ganshi ba, babu banki babu waya, to me zai riƙe shi? Abinda ya riƙe su shine doka ɗaya da kowa ya yarda da ita tun daga Sijilmasa a Maroko har Kano, awo ɗaya irin miskali na zinariya wanda bai wuce giram huɗu da 'yan kai ba, alƙali da zai yi hukunci da littafi ɗaya ko a ina aka kai ƙara. Ibnu Baɗuɗa da ya je Mali a 1352 cikin abubuwan da ya yaba musu harda cewa in baƙon ɗan kasuwa ya mutu a ƙasarsu basa taɓa dukiyarsa komai yawanta, sai su damƙa ta amana a hannun wani amintacce har mai haƙƙi ya zo. Shi yasa duk ɗan ƙasa da yake son ya shiga babban ciniki, ba na cikin gari kawai ba, sai ya ga shiga addinin fataken ita ce ƙofar. Kuma ribar ba ƙarama bace, shi dai Ibnu Baɗuɗa yace kayan raƙumi ɗaya na gishirin Tagaza ana saida shi miskali 8 zuwa 10 a Walata, in ya isa babban birnin Mali ya koma 20 zuwa 30, wani lokacin har 40.

Toh in ayari ya iso gari baya shiga tsakiyar mutane, waje ake basu su sauka, shine zango. Akwai bayani mai kyau akan wannan daga Albakari, malamin Andalus da yayi rubutu a 1068 akan tsohuwar daular Gana (ba Gana ta yanzu ba, waccan tana tsakanin Muritaniya da Mali ne). Yace babban birnin gari biyu ne, ɗaya na Musulmi mai masallatai goma sha biyu da limamai da ladanai da malaman fiƙihu, ɗaya na sarki mil shida tsakaninsu, sarkin kuma ba Musulmi bane, yana nan akan addinin kakanninsa. Amma tafintocinsa da ma'ajinsa da mafi yawan waziransa Musulmi ne, har masallaci ya gina kusa da fadarsa saboda baƙi, kuma talakawansa in sun zo gaisuwa sai sun zuba ƙasa a ka, su Musulmi an ɗauke musu, tafi kawai suke yi. Me yasa sarki zai yi haka? Yana karɓar dinari ɗaya akan kowane kayan jaki na gishiri in zai shigo, dinari biyu in zai fita, kaga yana buƙatar mai lissafi da mai rubuta wasiƙa zuwa arewacin hamada. Kenan Musulmi sun shiga fada tun sarki bai yi kalmar shahada ba.

Yanzu bari mu dawo gida mu ɗauki Kano, dan ita ce muke da labarinta daki-daki, a cikin littafin Tarihin Kano wanda aka rubuta da Larabci, Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, akwai shi da Hausa kuma cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin yace a zamanin Sarki Yaji ɗan Tsamiya, wanda aka lissafa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali, su wajen arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite. Wangarawa su ne fataken ƙabilun Mande, waɗanda a yamma ake ce musu Jula, su ne suka riƙe cinikin zinariya da goro, kuma a cikinsu akwai gidajen da sana'arsu malanta ce zalla, uba ya koyar da ɗa. Dan haka in kaji ance fatake da malamai kar ka ɗauka mutane biyu ne baƙin juna, sau da yawa 'yan gida ɗaya ne, wa yana fatauci yana ciyar da ƙani mai karatu, ƙani yana riƙe da makaranta da masallaci yana yiwa wa addu'a.

Abinda nafi so ɗalibai su tsaya su kalla shine abinda aka yi da suka iso. Littafin bai ce sun tara jama'a a kasuwa sunyi wa'azi ba. Yace sun umarci sarki ya kiyaye lokutan sallah, ya yarda, sai aka raba muƙamai: Gurdumus ya zama limamin sarki, Lawal ya zama ladan, Auta shi ke yanka duk naman da za a ci, Mandawari limamin Wangarawa da manyan gari, shi kuma Zaite alƙali. Ka duba da kyau, liman da ladan da mai yanka da alƙali. Ladan ya canja yanda gari yake lissafin lokaci, sau biyar a rana kowa yana jin murya ko yana sallah ko baya yi. Mai yanka kuwa, a wancan zamanin yanka ba abun wasa bane, dan a addinin gargajiya jinin dabba na tsafi ne, a gindin bishiya ko kan dutse ake zubar da shi, to ranar da aka ce naman fada sai wanda Musulmi ya yanka da bisimilla, an cire wani babban abu daga hannun masu tsafi ba tare da an zare takobi ba. Alƙali kuma shine ya sa baƙon falke zai iya barin dukiyarsa a Kano hankalinsa kwance. In kaje Kano yau zaka samu unguwar Mandawari da Sheshe da Zaitawa, sunayen mutanen wannan ayarin ne suka zama sunayen unguwanni, ga kuma Madabo wadda ta zama cibiyar karatunsu, har yau akwai sarautar Babban Malami na Madabo.

Kuma ba a karɓe su hannu bibbiyu ba. An gina masallaci a ƙarƙashin bishiyar da ake tsafi a wajenta, ka lura ba a sare ta ba tukuna, masallaci a ƙasa bishiya a sama, sai Sarkin Gazarzawa da mutanensa suka riƙa zuwa da dare bayan an watse suna zuba ƙazanta a ciki. Aka sa wani Ɗan Buji da mutanensa da makamai suna gadi daga magariba har asuba, abun bai tsaya ba, har wasu cikin masu gadin aka janye su suka koma wancan ɓangaren. Littafin yace daga ƙarshe malaman suka taru ranar wata Talata suka kwana suna addu'a har rana ta fito, shugaban masu ɓata masallacin ya makance. Ko yaya mutum ya ɗauki wannan ƙarshen, abinda labarin yake nuna maka shine yanda mutanen lokacin suka fahimci rigimar, wato ƙarfin wa yafi, na mai tsafi ko na mai allo. Shi yasa abinda Yaji ya nema a wajensu bayan nan ba karatun Risala bane, cewa yayi su yi mishi addu'a ya ci Santolo, garin da ya gagari kakanninsa, dan yace Santolo ce mabuɗin kudu. Suka fita tare da rundunarsa, aka ci Santolo. Wannan shine amsar abokinka kai tsaye: sarki ya jawo malami ne saboda yana ganin malamin yana da abinda zai ƙara mishi ƙarfi, rubutu, addu'a, laya, hulɗa da manyan ƙasashe. Irin haka Albakari ya kawo akan wani sarkin Malal a ƙasar Mande, fari ya dame su sun yanka shanu har sun kusa ƙarewa ruwa bai zo ba, wani baƙo Musulmi da ke zaune a wajensa yace ya musulunta su roƙi Allah, ya koya mishi abinda ya sauƙaƙa na Alƙur'ani, daren Juma'a yayi wanka ya sa rigar auduga suka hau wani tudu suna sallah har asuba, ruwa ya sauka. Sarki da zuriyarsa da fadawa suka musulunta, amma Albakari ya ƙara da cewa talakawan ƙasar suna nan akan addininsu na da.

Inda abun yake lalacewa kuma a nan ne, tunda abinda aka karɓa dan nasara ana iya ajiye shi ranar da nasarar bata zo ba. Kanajeji ɗan Yaji ne na cikinsa, yayi mulki 1390 zuwa 1410, ya kai yaƙi Zazzau aka kore shi, da ya dawo ba wajen liman ya tafi ba, Sarkin Tsibiri, wato mai kula da tsafin gargajiya, ya kira ya tambaye shi me zai yi, shi kuma yace ka dawo da abinda ubanka da kakanka suka rushe. Ya kuwa dawo da shi, yayi duk abinda aka ce yayi, ya koma ya ci Zazzau. Ɗan sarkin da ya karɓi Wangarawa kenan fa. Sai kuma ɗan shi Kanajejin, Umaru, ya tashi malami mai yawan ibada, almajirin ɗan Gurdumus, wato ɗan wancan limamin na farko, har ta kai shi ga ajiye sarautar ya koma tuba da istigfari. Kaka ya karɓa, uba ya koma, jika ya zama malami har ya bar gadon sarauta. Ni a ganina wannan jerin mutum ukun yafi kowane dogon bayani nuna yanda abun ya tafi, kuma ka lura da abinda bai motsa ba duk wannan kai da kawowa, makarantar gidan Gurdumus tana nan tana karantarwa. Sarki yana iya juyawa, amma malamin da ya auri 'yar gari ya haifi 'ya'ya ya kafa tsangaya ba inda zashi.

Kar mu zargi Kanajeji da sauri haka nan. Sarautarsa akan tsohon addinin aka gina ta, mafi yawan talakawansa da mayaƙansa da shi suka yarda, in ya yar da shi gaba ɗaya me zai riƙe su da shi? Shi yasa sarakunan suka daɗe suna riƙe da igiya biyu. Misali mafi ban mamaki shine Dirki, Alƙur'ani ne aka naɗe shi cikin fatu ana yi mishi yankan shanu kaman yanda ake yiwa gunki, tun zamanin Muhammadu Zaki a ƙarshen ƙarni na 16 har zuwa Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, wanda ya sa aka farke shi. Littafin Allah ne a ciki amma mu'amalar da ake yi da shi ta tsafi ce. Irin wannan gaurayen ne su Shehu suka tashi akai, kaga kenan sun tarar da Musulunci ne, sun tarar da shi a haka.

Daga nan sai hanyoyi suka ƙaru, kuma duk hanyar da ta buɗe da littafin da yake biyo ta. Zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, littafin yace aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, wato ƙasar goro a arewacin Gana ta yanzu, kaga Kano ta zama tsakiya. Zamanin Yakubu, 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, kafin nan abinda malaman Kano suke da shi Alƙur'ani ne da fiƙihu da hadisi, a lokacin ne kuma Abzinawa suka zo Gobir gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa, fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Marubucin ya jera gishiri da littafi a waje ɗaya dan a zamani ɗaya suka zo.

Sai Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda a hannunsa abun ya tashi daga addinin sarki da baƙinsa ya zama tsarin mulki. Shine ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har yau ake cewa Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya fara fita sallar Idi a Shadakoko. A zamaninsa Shehu Magili ya iso, Muhammadu ɗan Abdulkarim, mutumin Tilimsan a Aljeriya ta yau, wanda ya zauna a Tuwat sannan ya biyo hanyar ayari ta Abzin ya sauko Kano da Katsina wajen 1492. Shi ba falke bane ko kaɗan, babban malamin fiƙihu ne mai zafi, kuma a lokacinsa ne aka sare waccan bishiyar aka gina hasumiya a gurbinta. In ka bi lissafin littafin, sama da shekara ɗari kenan masallaci da bishiyar suna zaune tare. Ya rubutawa Rumfa ɗan littafi mai babi takwas akan abinda ya wajaba ga sarki, Tajuddini, yana ta maimaita magana ɗaya a ciki, cewa tushen kowace musiba shine sarki ya ɓuya daga talakawansa. Zuriyar da ya bari su ne a unguwar Sharifai, gidan Sidi Fari. Daga nan ya wuce Gawo wajen Askiya Muhammadu, sarkin Songai. A daidai wannan zamanin Katsina ma tana kan irin wannan hanya a ƙarƙashin Muhammadu Korau da magajinsa Ibrahim Sura, wanda har Imam Suyuɗi daga Masar ya ambace shi a wasiƙar nasiha da ya aikowa sarakunan wannan yanki.

Akwai saɓani ɗaya da ya kamata ka sani dan kar wani ya ƙure ka da shi. Wani rubutu daban mai suna Asalul Wangariyyin, wanda aka rubuta wajen 1650, yace Abdurrahman Zagaiti ya bar Mali ne a shekara ta 835 bayan hijira, wato wajen 1431, da niyyar aikin hajji, ya biyo yana barin mutanensa a garuruwa irin su Katsina, kuma a zamanin Rumfa ya iso Kano ba zamanin Yaji ba. Ni abinda na fi karkata gare shi shine Wangarawa ba sau ɗaya suka zo ba, sun riƙa zuwa ne ayari bayan ayari, daga baya masu ba da labari suka tattara su a ƙarƙashin sunan babban shehinsu. Kuma ka duba lissafin, ya tashi 1431, Rumfa bai hau ba sai 1463, sama da shekara talatin a hanya. Haka tafiyar hajji take a da, mutum ya sauka a gari ya karantar shekara biyar yayi aure ya bar almajiri ya ƙara gaba, wani ma sarki ya riƙe shi bai taɓa isa Makka ba. Hanyar hajji ita kanta ta shuka malamai a garuruwa ba kaɗan ba.

In kana son hujjar da zaka nuna a teburin mai shayi ba sai ka ɗauko littafi ba, to ka shiga kowace makarantar allo a Gangare ko Rikkos ka duba allon yaro. Fa'un digonta ɗaya a ƙasa, ƙaf digo ɗaya a sama, wannan rubutun Magrib ne, a Masar da Makka ba haka suke rubutawa ba. Karatun kuma Warshu ne, irin na Maroko da Aljeriya, Hafsu daga baya ya yawaita da zuwan bugaggun Alƙur'anai da makarantun Islamiyya. Mazhabarmu Malikiyya ce, littattafan zaure kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin mutumin Ƙairawan a Tunisiya, Ashafa ta Alƙali Iyal mutumin Sabta, Ahalari na Aljeriya. Duk suna nuna maka arewa da yamma, hanyar raƙumi da jaki. Harshen ma ya riƙe sawu, kalmomi irin su alƙali, alƙalami, allo, albasa sun shigo da al ɗinsu a manne dan ta kunne aka ɗauke su a kasuwa da zaure, su kuma kasuwa da karatu da rubutu masana harshe sun nuna ta bakin Barebari suka iso mana, wanda yake tuna mana cewa akwai ƙofa ta biyu ta gabas, dan sarakunan Kanem sun musulunta tun ƙarni na 11, zamanin Mai Hume, kusan shekara ɗari uku kafin Yaji. A gidan tarihi na nan Jos akwai tarin tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci, in ka samu dama kaje ka roƙi a nuna maka, zaka ga irin wannan rubutun da idonka.

Iyakar wannan hanya kuwa a bayyane take, addinin ya bi inda ayari ya bi ne ya tsaya inda ayari ya tsaya. Birni da zango da fada sun samu, ƙauyen da ke nesa da hanya ya daɗe bai samu ba, shi yasa har ƙarni na 20 akwai Maguzawa a ƙasar Kano da Katsina, tafiyar yini ɗaya daga masallacin da Rumfa ya gina. Yawancin malaman Wangarawa ma basu ɗauki fita wa'azi ƙauye-ƙauye a matsayin aikinsu ba, akwai koyarwar Alhaji Salim Suwari da ta yaɗu a cikinsu, cewa Musulmi zai iya zama lafiya a ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba, ya riƙe karatunsa da kyakkyawan hali, shiriya kuma ta Allah ce a lokacin da Ya so. Sannan akwai abu mara daɗi da bai kamata mu ɓoye ba, cikin kayan da ayarin ke ɗauka harda bayi, kuma tunda shari'a ta hana bautar da Musulmi ɗa, sarkin da yake samun dukiya daga kai hari kan maƙwabtansa bashi da wani kwaɗayin su musulunta, mutanen da ake kaiwa harin kuma ba zasu so addinin mai harin ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa mutane da yawa suka hau duwatsu suka tsare kansu, harda nan saman Filato inda dawaki da jakunan ayari basa jin daɗin hawa.

Shi yasa garinmu ya zo a makare a wannan labarin, sai farkon ƙarni na 20 da aka buɗe haƙar kuza, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, sannan Hausawa da Barebari da Nufawa da Yarbawa suka taru da yawa. Kuma in ka zauna da dattawan cikin gari ka tambaye su yanda kakanninsu suka zo, zaka ji kusan jerin nan ne na zamanin Yaji, wani ya zo da kayan koli ko goro yana bin barikin ma'aikata, mahauci ya biyo dan a samu naman da aka yanka, aka kewaye wani fili da duwatsu ana sallah, sai aka aika gida Kano ko Zariya ko Bauchi a turo malamin da zai riƙe limanci ya karantar da yara.